Na sauke wakilina, me ya sa banki ya ci gaba da ba shi kuɗina?

Wannan tambaya ce takan biyo baya duk lokacin da rigimar wakilci ta ɓarke tsakanin 'yan'uwa. Mutum zai yi doguwar tafiya, karatu ko neman kuɗi ko jinya, sai ya ba ƙanensa takardar wakilci, wadda lauyoyi ke kira fawa of atoni. Ya dawo ya tarar da lissafi bai yi masa ba, ya ce ya sauke shi, har ya je ofishin lauya a Sabon Gari aka rubuta aka sa hannu. Bayan 'yan kwanaki sai ga saƙon banki a waya, an cire kuɗi. Ya ruga reshe ransa a ɓace, manaja ya jawo fayil ya nuna masa takardar da shi da kansa ya kawo shekara uku da suka wuce, ya ce, "Ranka ya daɗe, mu wannan muka sani. Wa ka faɗa wa a nan cewa ka janye ta?"

Mutane da yawa suna jin wannan amsa kamar rainin hankali. Amma a shari'a manajan ne ke kan daidai, kuma dalilin ya cancanci a zauna a warware shi.

Abin da takardar take yi, da abin da ba ta yi

Takardar wakilci izini ce a rubuce: mai dukiya ya ce wane zai tsaya a madadina a kan abubuwa kaza da kaza, kuma abin da ya sa wa hannu a cikin wannan iyaka kamar ni na sa. Malamanmu na zaure sun san ta da sunan wakala, mai bayarwa shi ne muwakkili, mai karɓa shi ne wakili. Tana iya zama ta abu guda, kamar karɓar kuɗin hayar gida ɗaya, tana kuma iya zama mai faɗi, ta haɗa da cire kuɗi a banki, sayar da fili, da shiga kotu.

Ba ta mayar da dukiya ta wakili. Kotun Ƙoli ta Najeriya ta bayyana haka a shari'ar Ude da Nwara ta 1993, cewa takardar wakilci ba ta canja mallaka, izinin yin aiki kawai take bayarwa. A shari'ar Chime da Chime ta 2001 kuma kotun ta nuna cewa wanda ya ba da wakilci bai rasa ikon sayar da kayansa da kansa ba. Tunda kuwa izini ce, asali shi ne mai ita yana iya janye ta ranar da ya ga dama, ba sai ya kawo hujja ba, ba sai wakilin ya yarda ba. Akwai togiya, za mu zo kanta.

Saukewa tana da fuska biyu

A nan ne ake samun ruɗani. Ranar da ka ba da wakilci, magana biyu ka yi. Ka ce wa ƙanenka, "Je ka yi." Ka kuma ce wa banki, da 'yan haya, da duk wanda aka nuna wa takardar, "Idan wannan ya zo, ni ne na zo." Ranar da ka sauke shi ka gaya masa, maganar farko ka janye. Ta biyun tana nan daram a fayil ɗin banki da kunnen 'yan haya har sai ka je ka janye ta a wurinsu.

Saboda haka doka take raba ikon wakili gida biyu. Akwai iko na haƙiƙa, wanda ke tsakaninka da shi, wannan yana ƙarewa da zarar labarin saukewa ya isa gare shi. Akwai kuma iko na zahiri, wato abin da mutanen waje ke gani saboda abin da kai ka nuna musu. Wannan ba ya ƙarewa sai su ma labari ya kai gare su. Wanda ya yi hulɗa da wakilinka da zuciya ɗaya, bai san ka sauke shi ba, doka ba ta barin ka juya masa baya ka ce ba da yawunka ba. Kai ka gabatar da mutumin, kai kuma ka san ka fasa, don haka kai ne ya fi sauƙi ka hana ɓarnar da wasiƙa guda.

Kada wani ya ɗauka dabarar Turawa ce kawai. A fiƙihun Malikiyya ma an tattauna ta. Muhtasar na Halil, wanda ake karantawa a zaurukan birnin Zariya, ya kawo cewa akwai saɓani a kan ko wakili yana sauka idan an sauke shi bai sani ba. Wato su ma malamai sun ga cewa furta saukewa daban, isar labarinta daban, kuma hukunci yana iya rataya a kan isar labarin.

Kwana goma a asusun Alhaji

Bari mu ƙaddara misali mu bi shi rana rana. Wani ɗan kasuwa, mu kira shi Alhaji kawai, yana da gidan haya a Tudun Wada, da fili a wajen Samaru, da asusu a wani banki. A 2021 zai tafi Saudiyya ya daɗe, sai ya ba ƙanensa wakilci mai faɗi, aka kai kwafi banki, aka cike fom, aka sa hoton ƙanen da sa hannunsa a matsayin wanda zai iya cire kuɗi.

Ranar 3 ga wata Alhaji ya sa hannu a takardar soke wakilci a gaban lauya. Ranar 4 ya kira ƙanen zaure a gaban kawunsu ya miƙa masa kwafi. Ƙanen ya ce, "To Yaya, Allah ya sa haka ya fi alheri." Alhaji ya ɗauka magana ta ƙare, ya sa takardar a aljihun tebur.

Ranar 6 ƙanen ya je reshe ya cire naira 1,800,000. Ranar 7 wani ɗan haya ya ba shi kuɗin shekara, naira 250,000, ya karɓi rasit kamar yadda ya saba. Ranar 10, bayan Alhaji ya ga saƙon waya, lauyansa ya kai wa banki wasiƙa, aka buga mata hatimin karɓa da ƙarfe 10:40 na safe. Ranar 13 ƙanen ya sake zuwa da takardar cire kuɗi da ya sa wa hannu a ranar, kuma saboda sakacin ma'aikaci ba a gyara bayanan asusun a kwamfuta ba, aka ba shi naira 600,000.

Yanzu wa zai ɗauki wace asara? Kuɗin ranar 6, banki ya biya bisa umarnin da ke hannunsa, bai san an janye ba. Alhaji ba shi da abin da zai kama banki da shi. Ƙanensa zai bi, domin shi ya san an sauke shi tun ranar 4, abin da ya yi cin amana ne kuma dole ya mayar. Sai dai kowa ya san yadda bin ɗan'uwa kuɗi yake: kafin a kai kotu dattawa sun shiga, kafin a gama sulhu kuɗin sun narke. Haƙƙin yana nan a takarda, samunsa a hannu shi ne aiki.

Ɗan hayan ma ya kuɓuta. Ya biya wanda aka ce masa ya riƙa biya, yana da rasit, ba wanda ya gaya masa an canja. Alhaji ba zai ce ya sake biya ba, ba kuma zai ce yana binsa bashin haya ba.

Kuɗin ranar 13 ne kaɗai labarinsu ya bambanta. Banki ya karɓi sanarwa kwana uku kafin nan, ya samu isasshen lokacin da zai gyara bayanansa, bai gyara ba. Ya biya ba tare da umarnin mai asusu ba, don haka Alhaji yana da hujjar cewa a mayar masa da naira 600,000 cikin asusunsa, banki ya je ya nemi ƙanen da kansa. Mutum ɗaya ne ya cire kuɗin sau biyu, da sa hannu iri ɗaya, a reshe ɗaya. Abin da ya raba hukuncin biyu shi ne hatimin nan na ƙarfe 10:40.

Me ya sa sai a rubuce

Wani zai ce, ai na gaya wa yaron da ke kula da asusuna, mun haɗu a masallacin Juma'a. Ba a ce maganar baki ba sanarwa ba ce sam. Matsalarta ita ce ranar da aka je gaban alƙali, kai za a tambaya ka tabbatar da abu uku: ka faɗa, ga ranar da ka faɗa, kuma wanda ka faɗa wa yana da hurumin karɓa a madadin banki. Yaron nan wataƙila an yi masa canjin wurin aiki, wataƙila ya ce shi ya ɗauka ƙorafi kake yi a kan ƙanenka, ba umarni kake bayarwa ba. Banki kuma a rubuce ya karɓi wakilcin, da sa hannunka. Yana da dalili mai ƙarfi na ƙin rushe shi da kiran waya, domin gobe wani zai iya kira da sunanka ya tsayar maka da harka.

Aikawa ma ba ita ce isa ba. Akwai wata tsohuwar shari'a ta Ingila, ta Curtice a 1908, da ake koya wa ɗaliban dokar banki. Mutum ya aika wa bankinsa telgiram cewa kada a biya wani cek. Saƙon ya zo bayan an tashi, aka jefa shi a akwatin wasiƙu, ma'aikata ba su lura da shi ba sai bayan an biya cekin. Kotu ta ce ba a tsayar da cekin ba, tunda umarnin bai kai ga sanin banki ba kafin biya. Telgiram ya wuce, amma saƙon imel da aka tura adireshin da ba a dubawa, ko wasiƙar da aka bar wa mai gadi ranar Asabar, 'yan'uwansa ne.

Wasiƙar ba ta buƙatar dogon turanci. A yi ta zuwa ga manajan reshen da asusun yake. A sa sunan asusu da lambarsa, kuma idan asusun ya fi ɗaya a jera su duka. A faɗi ranar da aka rubuta takardar wakilcin da cikakken sunan wakilin, a ce an soke ta daga rana kaza, kada a karɓi wani umarni daga gare shi, a cire sunansa daga masu sa hannu. A haɗa kwafin takardar sokewa. Mai asusu ya sa hannu irin wanda banki ke da shi a fayil, domin sa hannun da bai yi daidai ba zai sa a ajiye wasiƙar gefe a ce sai an tantance. A je da kwafi biyu, a bar ɗaya, a buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, a roƙe shi ya rubuta lokaci. Za su ba ka fom ɗinsu na canja masu sa hannu, ka cike shi a nan take. Idan asusun na kamfani ne, za su nemi ƙudurin daraktoci a rubuce. Kafin ka fita, ka ce a juyo maka da allon kwamfuta ko a tabbatar maka cewa sunan ya fita.

Wanda ba ya karanta Turanci kuma, ya tabbatar lauya ya rubuta a ƙasan takardar sokewar cewa an karanta masa an fassara masa da Hausa ya gane kafin ya dangwala yatsa. Rashin wannan layi ƙofa ce da wakili mai wayo zai bi ya ce an yaudari Yayansa ne.

Abin da wasiƙar ba ta kashewa

Yawancin kuɗi yanzu ba ta kan kanta suke fita ba. Idan katin ATM yana hannun ƙanen kuma ya san lambar sirri, idan manhajar banki tana kan wayarsa, idan layin da aka ɗaura wa asusun nasa ne, to cire sunansa daga masu sa hannu bai taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Na'ura ba ta san an yi zama a zaure ba. Kuma idan kai ka ba shi lambar sirrin da hannunka, banki zai nuna maka sharaɗin da ka sa wa hannu cewa ba za ka ba kowa ba. Don haka a zama ɗaya a toshe katin, a rufe manhajar a sake buɗe ta a wayarka, a mayar da lambar waya da imel na asusun naka.

Sai cek. Wanda wakili ya sa wa hannu tun yana da iko, ya ba wani, yana iya yawo har wata shida kafin banki ya ɗauke shi a matsayin wanda ya tsufa. Ka karɓi ragowar littafin cek, ka duba lambobin da suka fita, ka yanke shawara a kan kowanne. Wanda kake son a tsayar, ka rubuta lambarsa a wasiƙa. Amma ka yi hattara, idan bashin gaskiya aka biya da shi, tsayar da cekin bai sauke maka bashin ba.

Wa za a fara gaya wa, wakili ko banki? Ladabi yana cewa ɗan'uwa tukuna. Ni dai ra'ayina, idan har zargi ne ya kawo saukewar, a fara da banki da safe, a gaya wa wakilin da rana. Kwana shidan da Alhaji ya bari tsakanin zaure da reshe su ne suka ci masa naira 1,800,000. Idan kuwa lafiya lau aka rabu, tafiya ce ta ƙare, a tafi bankin tare, ya fi mutunci.

'Yan haya, fili, da mutanen da ba ka sani ba

Kowane ɗan haya a ba shi takardarsa, ko da layi huɗu ce da Hausa: daga yau kada a biya wane, ga inda za a biya. Ya sa hannu a kwafinka. Haka dillalin da ke kula da shago, da duk wanda kake bi bashi wanda ya saba biyan wakilin.

Fili ya fi haɗari, domin mai saye baƙo ne, ba ka san shi ba balle ka rubuta masa. Idan an yi wa takardar wakilcin rajista a ofishin filaye, wanda a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da shi, to lauyan mai saye zai je bincike ya tarar da ita a fayil, ba alamar an soke. Don haka takardar sokewa ita ma a yi ta da irin ƙarfin ta farko, da shaidu, a biya mata kuɗin hatimi, a kai ta rajista ta zauna kusa da 'yar'uwarta. A unguwanninmu kuma da yawan cinikin fili ta hannun mai unguwa da dillalai yake bi, su ma a kai musu kwafi. Sannan a karɓo asalin takardar wakilcin da takardun filin daga hannun wakili. Idan ya ƙi bayarwa, ko ya ce sun ɓace, alama ce babba, lokacin ne ake buga sanarwa a jarida. Sanarwar jarida tana da amfani ga baƙi, amma ba ta maye gurbin wasiƙa ga wanda ya riga ya saba hulɗa da wakilin. Ba za ka ce wa banki ai ya kamata ya karanta shafi na talatin ba.

Wadda ba ta sokuwa

Ga togiyar da aka ambata. Idan an ba da wakilci ne don kare haƙƙin wakilin kansa, ya biya kuɗi ko yana bin bashi, kuma takardar ta ce ba a janye ta, to mai bayarwa ba zai farka wata rana ya soke ta ba sai wakilin ya yarda ko haƙƙinsa ya biya. Ana yawan ganin wannan a cinikin fili. Dokar filaye ta 1978 ta ce sai da amincewar gwamna ake canja mallakar fili mai takardar gwamnati, sai mutane su guje wa jinkiri da kuɗin hakan, mai sayarwa ya karɓi kuɗinsa ya ba mai saye wakilcin da ba a janyewa. Wanda ya ci kuɗin fili ta wannan hanya, ya ga farashi ya tashi, ya ce zai soke, rigima yake jawo wa kansa. Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙa, lauya ya karanta takardar farko ya ga wace iri ce. Kalmar "ba a janyewa" ita kaɗai ba kullum take ɗaure mutum ba, ana duba ko an biya wani abu, da ko an sa wa'adi.

Idan mai bayarwa ya rasu

Wakilci na yau da kullum yana faɗuwa da mutuwar mai shi, ba sai an rubuta komai ba. Daga wannan lokaci kuɗin na magada ne, kuma wakilin da ya ci gaba da cirewa, ko da don hidimar zaman makoki ne, ya taɓa dukiyar marayu. Amma nan ma banki ba ya sanin gaibu. Dokar da ta shafi cek ta ce ikon banki na biya yana tsayawa ne idan sanarwar rasuwar mai asusu ta zo masa. Kafin nan, abin da ya biya bai sani ba, da wuya magada su kama shi da shi. Saboda haka a cikin kwanakin ta'aziyya, tun kafin a zauna rabon gado, ɗaya daga cikin magada ya ɗauki wasiƙa da shaidar rasuwa ya kai reshe, kwafi biyu, ya jira a buga wa nasa hatimi.